A Biya Ka Don Ka Jira Araha: Alƙawarin Sayen Hannun Jari da Ranar da Kasuwa Ta Rufta

A shekarar 1993 hannun jarin kamfanin Coca-Cola yana wajen dala 39 kowane ɗaya. Warren Buffett, attajirin nan na garin Omaha a Amurka, yana son ya ƙara saye, amma a ganinsa farashin ya ɗan yi sama, dala 35 ta fi kwanta masa a rai. Maimakon ya zauna yana jiran ranar da farashin zai sauko, sai ya sayar wa wasu masu hannun jarin da alƙawari: duk wanda ya so, zai karɓi nasa a kan dala 35 kafin ƙarshen shekara, ko da kuwa farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da haka. Alƙawarin ya shafi hannun jari miliyan 5, kuma aka biya shi dala 1 da santi 50 a kan kowane ɗaya, wato dala miliyan 7 da rabi. Farashin bai sauko ba, babu wanda ya kawo masa kaya, kuɗin alƙawarin kuma suka zama nasa.

Wannan labari shi ne masu koyar da wannan dabara suka fi son bayarwa, don ya ƙare lafiya. Dabarar kanta ba ta da wuyar fahimta, kuma a yau ƙaramin mai zuba jari ma yana iya yin ta daga wayarsa idan yana da asusu da dillalin da ke hulɗa da kasuwannin Amurka. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne irin ranar da ake kawo wa mutum kayan da ya yi alƙawarin saye. Ba a kawo su ranar da kasuwa ke murmushi.

Takardar da ake ciniki a kanta, wadda za ka gani an rubuta Put a manhajar dillali, tana da ɓangare biyu. Mai sayen ta yana samun damar ya sayar da hannun jari a kan wani tsayayyen farashi kafin wata rana da aka yanke, kuma dama ce kawai, in ya ga dama ya yi amfani da ita, in bai gani ba ya bar ta ta mutu. Mai sayar da ita kuwa wajibi ne ya hau kansa: in an kawo masa, dole ya saya. Wanda ya sayi takardar inshora ya saya wa dukiyarsa, wanda ya sayar da ita kuma ya zama kamfanin inshorar. A Amurka kowace takarda ɗaya tana wakiltar hannun jari 100. An buɗe kasuwar irin waɗannan takardu a Chicago a 1973, amma sai a 1977 aka fara cinikin irin wadda muke magana a kai. Kai da wanda ya sayi takardarka ba za ku taɓa sanin juna ba, don akwai hukumar da ke tsakani, Options Clearing Corporation, ita ce ke lamunce wa kowane ɓangare cewa za a cika alƙawari.

Abin da ya bambanta wannan salo da sauran shi ne ajiye kuɗin gaba ɗaya. Tun ranar da ka sayar da alƙawarin, dillali zai riƙe cikakken kuɗin sayen kayan a asusunka, ba za ka iya taɓa su ba sai wa'adi ya cika ko ka warware cinikin. Saboda haka ba za ka wayi gari da bashi a wuyanka ba. Amma kada a ruɗe ka da wannan. Ajiye kuɗin yana kare dillali ne da wanda ya sayi takardar, su ne aka tabbatar wa za a biya su. Kuɗinka kuwa suna nan a bakin haɗari kamar na duk wanda ya sayi hannun jari.

Mu ɗauki misali da ƙananan lambobi, mu bi shi har ƙarshe. A ce akwai kamfanin da ka daɗe kana bibiya, hannun jarinsa yau yana dala 50, kai kuma ka yanke a ranka cewa a dala 45 za ka saya. Ka buɗe jadawalin takardun kamfanin a manhaja. Za ka ga ranakun wa'adi a jere a sama, yawancinsu Juma'a, sai ka zaɓi wadda ta rage saura kwana 45. A ƙarƙashinta akwai layuka, kowane layi da farashinsa a ginshiƙin da aka rubuta Strike. Ka gangara zuwa layin 45. A gefensa akwai lambobi biyu: Bid, abin da masu saye suka taya, a ce 1.15, da Ask, abin da masu sayarwa suke nema, a ce 1.25. Ka zaɓi Sell to Open, ka sa takarda ɗaya, ka rubuta 1.20 a matsayin farashin da za ka sallama. In wani ya amsa, nan take dala 120 za su shigo asusunka, ban da 'yar la'adar dillali, sannan a kulle dala 4,500.

Daga wannan lokaci lambar da ya kamata ka riƙe ita ce 43.80, wato dala 45 da za ka biya a cire dala 1 da santi 20 da ka riga ka karɓa. Wannan ne ainihin farashin da kayan za su zauna maka in an kawo. Sama da shi kana kan riba, ƙasa da shi kowane santi asara ne.

In ranar wa'adi ta zo farashin yana 52, ko 48, ko ma 45 da 'yan santi, babu mai hankalin da zai kawo maka kaya a 45 alhali kasuwa za ta ba shi fiye. Takardar ta mutu, an saki kuɗinka, dala 120 sun zama naka. Ribar ta kai kashi 2.7 cikin ɗari a kwana 45. Masu talla suna son su ninka wannan su ce ai a shekara ya haura kashi 21 cikin ɗari, kuma lissafin daidai ne a takarda, sai dai ya ginu ne a kan cewa sau takwas a jere babu abin da zai faru.

In farashin ya rufe a 44, za a ɗora maka kayan. Ba sai an tambaye ka ba, don ƙa'idar ita ce takardar da ta shiga riba ko da da santi ɗaya ne a ranar wa'adi ana zartar da ita kai tsaye, sai in mai ita ya ce a'a. Ka duba asusunka a ƙarshen mako, ka ga dala 4,500 sun fita, hannun jari 100 sun shigo. Wannan shi ne sakamakon da aka yi dabarar dominsa. Abin da ake sayarwa 50 wata ɗaya da rabi da ya wuce ya zauna maka a 43.80, kuma ko a farashin ranar kana da rarar dala 20.

Akwai kuma yanayin da ba ya cin kuɗinka amma yana cin rai. Kamfanin ya fitar da labari mai daɗi, farashin ya tashi zuwa 65. Wanda ya saya a 50 ranar da kai kake neman ragi ya ci dala 1,500. Kai ka ci 120, kuma kamfanin da ka daɗe kana so ya yi maka nisa. Duk yadda farashin ya kai, ribarka ba ta wuce wannan 120 ɗin. In har ka yi imani kamfanin zai yi tashin gwauron zabo, wannan ba hanyarka ba ce, ka saya kawai.

Sai na ƙarshe, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Farashin ya faɗo zuwa 30. Za a kawo maka kayan a 45, babu roƙo babu ragi. Ka biya 4,500 a kan abin da kasuwa ke sayarwa 3,000. In an cire 120 ɗin da ka karɓa, asararka dala 1,380 ce. Gaskiya ne ka fi wanda ya saya a 50, shi nasa 2,000 ne, kuma da wannan ake lallashin mutane. Amma kai ai ba a 50 ka yi niyyar saye ba tun farko. Wanda ya kamata ka gwada kanka da shi shi ne mutumin da ya riƙe kuɗinsa a hannu bai yi wa kowa alƙawari ba. Shi yau zai iya sayen hannun jari 150 da dala 4,500 ɗinsa, ko kuma ya karanta abin da ya sa farashin ya faɗi ya ce ya fasa. Kai ka sayar da wannan 'yancin a kan dala 120. Kuma ka lura da girman ramin: asara ɗaya irin wannan ta cinye ribar zagaye 11 da rabi, wato kusan shekara ɗaya da rabi na cinikin da ya tafi lami lafiya. In kamfanin ya durƙushe gaba ɗaya, kamar yadda Enron ya yi a 2001 da bankin Lehman Brothers a 2008, abin da za ka rasa dala 4,380 ne.

Mutane da yawa suna cewa ai wannan dabara daidai take da ka bar wa dillali umarnin ya saya maka in farashi ya sauko 45, sai dai a nan ana biyan ka don ka jira. Maganar tana da daɗin ji, amma bambancin da ke tsakaninsu ya fi a yi masa shiru. Umarnin saye, wanda za ka gani a manhaja da sunan Limit, kana iya soke shi duk lokacin da ka so ba tare da ka biya ko sisi ba. Ka ji shugaban kamfanin ya ajiye aiki da daddare, ko an gano maguɗi a littattafansu, sai ka soke kafin a buɗe kasuwa. Ko ma ka manta ba ka soke ba, in kasuwa ta buɗe da farashin 35, a wajen 35 za a saya maka, don umarnin ya ce ne 45 ko ƙasa. Mai alƙawari kuwa 45 zai biya.

Akwai bambanci ta ɗaya gefen ma. A ce a mako na uku wata jita-jita ta jefo farashin zuwa 43 na kwana biyu, sannan ya farfaɗo ya haura 55 kafin wa'adi. Mai umarnin saye ya riga ya samu kayansa a 45, yana ta murna. Kai kuwa da wuya a kawo maka, don yawanci mai takarda ba ya zartar da ita tun da sauran lokaci, ya fi masa riba ya sayar da ita a kasuwa. To ka ga inda gizo ke saƙa. Lokacin da faɗuwar ta ɗan lokaci ce, kayan sukan wuce ka. Lokacin da faɗuwar ta gaske ce ta zauna, su ne suke isowa ƙofarka. Dala 120 ɗin ladan ɗaukar wannan rashin daidaito ne, ba kyauta ba ce.

Watan Maris na 2020 ya nuna wannan a fili. A tsakiyar Fabrairu hannun jarin kamfanin jiragen sama na Boeing yana wajen dala 340. Shekara guda kafin nan ya taɓa haura 440, sai dai haɗurra biyu na jirgin 737 MAX, ɗaya a Indonesiya a 2018, ɗaya a Habasha a 2019, sun sa an dakatar da jirgin daga tashi, farashin ya sauko. Ga mutane da yawa 340 ma araha ce ga kamfani irin wannan, ɗaya daga cikin manya biyu da ke ƙera manyan jiragen fasinja a duniya. Mu ƙaddara wani ya ce shi a 300 zai saya, ya sayar da alƙawari mai wa'adin Juma'a ta uku ta watan Maris, ya ajiye dala 30,000, mu ce kuma an biya shi dala 300. Farashin sai ya faɗi da fiye da kashi 10 cikin ɗari kafin ma a taɓa shi, kuma saura wata ɗaya kacal. Kowa ya gani zai ce ya yi taka-tsantsan.

Sai annobar korona ta rufe filayen jiragen sama. Juma'ar nan ta faɗo ranar 20 ga Maris, kuma a ranar Boeing ya rufe a wajen dala 95. Mutumin namu ya biya 30,000 ya karɓi kayan da darajarsu ba ta wuce 9,500 ba. Dala 300 da ya karɓa ko ambatonsu bai kamata a yi ba. Kamfanin ya dakatar da raba riba ga masu hannun jari a wannan watan, saboda haka ko ɗan abin da zai riƙa shigowa yana rage zafi babu. Za a ce ai ya yi haƙuri, kasuwa takan dawo. Kasuwar gaba ɗaya ta dawo kuwa: ma'aunin S&P 500, da ya zube da wajen kashi 34 cikin ɗari tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris, ya kafa sabon tarihi a watan Agusta na shekarar. Amma Boeing har ƙarshen 2024 bai sake taɓa dala 300 ba. Kasuwa daban, kamfani ɗaya daban, kuma alƙawarinka a kan kamfani ɗaya ka yi shi.

Wanda ya ji wannan zai ce to sai a rarraba, kada a zuba duka a wuri ɗaya. Shawara ce mai kyau, tana maganin masifar da ta faɗa wa kamfani ɗaya, amma ba ta maganin ranar da kasuwa duka ta rufta. Koma kan misalinmu. A ce kana da dala 22,500, ka raba su gida biyar, kamfanoni biyar mabambanta, kowanne da alƙawari irin na farko. Kowane zagaye kana karɓar dala 600, kuma a shekarar da ta zo da sauƙi wataƙila sau ɗaya ko biyu kawai za a ɗora maka kaya. Sai ga wata irin na Maris 2020, kowane kamfani ya sauko daga 50 zuwa 33. A mako guda za a ɗora maka duka biyar ɗin, asarar ta kama dala 5,400, ribar zagaye tara ke nan. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne kuɗinka sun ƙare a 45. Ranar da araha ta gaske ta zo, ranar da kowa ke zubar da kaya a 33, ba ka da ko dala ɗaya ta saye. Mutumin da ya shigo wannan harka don yana son sayen kaya da rahusa shi ne ya tsaya yana kallo a ranar rahusar.

Akwai alamun da ake gane tarko tun kafin a taka shi, kuma babbarsu ita ce kuɗin alƙawarin kansa. In ka ga kamfanoni biyu masu farashi ɗaya, alƙawarin ɗaya ana biyan dala 1, na ɗayan ana biyan dala 4, to na biyun ba karamci aka yi maka ba. Masu sayen takardun suna tsoron wani abu ne, shi ya sa suka yarda su biya da tsada. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A manhaja za ka ga wani ginshiƙi mai suna Implied Volatility, lamba ce da ke nuna irin girgizar da kasuwa ke sa ran farashin zai yi. In ta yi sama fiye da yadda ta saba ga wannan kamfanin, ka nemi dalili kafin ka sa hannu.

Sau da yawa dalilin ba ɓoyayye ba ne: ranar bayyana sakamakon kasuwanci ta faɗo cikin wa'adin. Kamfanonin Amurka suna fitar da wannan rahoto duk wata uku, galibi bayan an rufe kasuwa ko kafin a buɗe, lokacin da ba ka da halin warware komai. Da yammacin 2 ga Fabrairu 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya fitar da nasa. Hannun jarin ya rufe a wajen dala 323 a ranar, washegari ya rufe a wajen 238, faɗuwar kashi 26 cikin ɗari a yini ɗaya. Wanda ya yi alƙawarin saye a 300 bai ga farashin yana gangarowa a hankali ba balle ya gudu, ya kwanta yana sama da layinsa da dala 23, kafin yammacin gobe yana ƙasa da shi da fiye da dala 60. Kafin shekarar ta ƙare farashin ya leƙa ƙasa da 90. Daga baya ya farfaɗo ya wuce inda yake a da, amma mutum nawa ne suka iya riƙewa har zuwa lokacin? Duba ranar rahoto aikin minti ɗaya ne, kuma ni a ganina ɗan koyo bai kamata ya bari wa'adinsa ya tsallaka ta ba.

Alama ta uku ita ce tazarar da ke tsakanin Bid da Ask. In santi 5 ce ko 10, akwai masu ciniki, za ka iya fita cikin sauƙi. In ka ga 0.80 a nan, 1.60 a can, to takardar ba ta da jama'a, shiga da hasara, fita da hasara.

Fita kafin wa'adi tana yiwuwa, ta hanyar sayen takarda irin wadda ka sayar, abin da manhaja ke kira Buy to Close. In abubuwa sun tafi daidai, a ce bayan mako uku farashin ya kai 53, takardar da ka sayar 1.20 wataƙila ta koma santi 40. Ka saye ta da dala 40, ka riƙe 80, ka kwance kuɗinka. Ƙwararru da dama haka suke yi, don ba su ga hikimar barin dala 4,500 cikin haɗari na ƙarin kwana 24 saboda ragowar dala 40 ba. In kuwa abubuwa sun juya, fitar tana da tsada. Farashi ya sauko 38, takardar ba za ta gaza dala 7 ba, tun da tazarar 45 da 38 ke nan, sannan tsoron da ya shiga kasuwa ya ƙara mata wani abu, a ce ta kai 7.60. Ka biya 760 don ka kuɓuta, asara 640. Ranar da ka fi buƙatar fita ita ce ranar da ƙofa ta fi tsada. Kuma a irin wannan hali, da farashi ya nutse sosai ƙasa da layin yarjejeniya, ana iya ɗora maka kayan kafin wa'adi ma, don takardun hannun jarin Amurka mai su yana da ikon zartar da su kowace ranar kasuwa.

Wasu in sun ga haka sai su mirgina alƙawarin gaba: su sayi tsohuwar takardar, su sayar da sabuwa mai wa'adi mai nisa, ta yadda abin da ya shigo zai ɗan fi abin da ya fita. A fuskar manhaja sai ka ga kamar an ƙara samun kuɗi ne. Alhali asarar tsohuwar takardar ta riga ta tabbata, an dai lulluɓe ta da sabon alƙawari mai tsawo. Wani lokaci farashin yakan dawo a tsira. Wani lokaci kuma mutum yakan yi wata shida yana mirginawa, kuɗinsa a kulle, a kan kamfanin da in da yau ya fara ganinsa ba zai taɓa shi ba.

Jarabawar da ta fi halaka mutane tana zuwa ne bayan an yi 'yan watanni ana cin riba. Dillali zai iya ba ka izinin sayar da alƙawari ba tare da ajiye cikakken kuɗin ba, sai wani kaso kaɗan, wani lokaci bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Da dala 4,500 ɗin nan sai ka sayar da takarda biyar maimakon ɗaya, kana karɓar 600 maimakon 120. Yanzu ka ɗauki nauyin dala 22,500 da ba ka da su. Farashi ya sauko 30, asarar ta zama 6,900, ta fi duk abin da ka ajiye. Tun kafin a kai nan dillali zai nemi ka ƙaro kuɗi, in ba ka kawo ba ya rufe cinikin a duk farashin da ya samu. Ranar 19 ga Oktoba 1987, da ma'aunin Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari a yini ɗaya, masu irin wannan ciniki suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Mai cikakkiyar ajiya zai iya yin asara mai nauyi, amma kayan suna hannunsa, babu mai tilasta masa sayarwa a ƙasan rami. Wannan kaɗai ne fa'idar ajiyar gare shi, kuma ba ƙarama ba ce.

Da wannan za a gane abin da ya sa cinikin Buffett ya tsaya da ƙafafunsa. Ya riga ya mallaki hannun jarin Coca-Cola mai yawa tun ƙarshen shekarun 1980, ya san kamfanin ciki da waje. Farashin 35 daga lissafinsa na darajar kamfanin ya fito, bai tsinto shi a jadawali don kuɗin alƙawarin ya yi maiƙo ba. Kuma dala miliyan 175 da zai biya in an kawo kayan ba su kai su girgiza shi ba. Mai ƙaramin ƙarfi yakan juya tsarin: ya fara duba inda ake biya da tsoka, sannan ya lallashi kansa cewa ai yana son kamfanin. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka cire kashi 30 cikin ɗari daga farashin yarjejeniyar, ka rubuta asarar da lambobi a takarda, ka ga ko za ka iya riƙe kayan shekara biyu a haka ba tare da ka taɓa kuɗin haya ko na makarantar yara ba. Tun da takarda ɗaya hannun jari 100 ce, ba a rage ta. In dala 4,500 ita ce rabin abin da ka mallaka, takarda ɗaya ma ta yi maka yawa.

Ga mai karatu Musulmi akwai wata tambaya da ta riga duk wannan lissafi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta zauna a Jidda a 1992 ta duba irin waɗannan takardu kamar yadda ake cinikinsu a kasuwannin duniya, ta yanke cewa ba su halatta ba. Hujjarta ita ce abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba amfanin wani abu ba ne, ba kuma haƙƙi ba ne irin wanda ake karɓar kuɗi a kansa. Wannan hukunci bai shafi sayen hannun jarin kamfanin da sana'arsa halal ce ba, ya tsaya ne a kan karɓar kuɗi don alƙawarin. Wanda ya bi wannan fatawa yana son saye da rahusa, umarnin Limit a kan dala 45 yana nan, kuma ana yin sa a kasuwar hannayen jari ta Legas kamar yadda ake yi a New York. Zai rasa dala 120 na kowane zagaye, amma zai iya sokewa da safiyar da mummunan labari ya fito, kuma in kasuwa ta buɗe a 35, a nan za a saya masa.